Yadda Ake Karanta Zanen ACF da PACF Don Zaɓen Lambobin ARIMA

Mafi yawan masu koyo da na gani suna buɗe zanen ACF da na PACF, masu nuna alaƙar kowane adadi da na lokutan da suka gabace shi, su ƙirga sandunan da suka ƙetare layin shuɗi, sai su ce ga p, ga q. Daga nan aikin yake lalacewa. ARIMA samfuri ne na hasashen bayanan da suke jere bisa lokaci, mai lambobi uku: p yawan adadin baya da yake dogara da su, d sau nawa aka ɗauki bambanci, q kuma yawan kurakuran hasashen baya da yake dogara da su. A cikin ukun nan, ta tsakiya ake fara warwarewa. Muddin d ba ta zauna daidai ba, duk abin da zanen ya nuna maka game da sauran biyun ba abin dogaro ba ne.

Za mu yi aiki da bayanan da ke zuwa tare da R, masu suna AirPassengers: adadin fasinjojin jiragen sama na ƙasa da ƙasa a kowane wata, daga 1949 zuwa 1960, wata 144 ke nan. Da su Box da Jenkins suka yi misali a aikinsu na 1970. Ba sai ka sauke komai ba.

Mataki na farko: kalli bayanan kansu

Kafin ACF, zana lambobin a jere bisa lokaci. Za ka ga sun fara daga dubu 112 a Janairun 1949, sun kai dubu 622 a Yulin 1960. Ka lura kuma, tashi da saukar da suke yi a kowace shekara yana ƙara faɗi yayin da adadin yake ƙaruwa. Maganin wannan shi ne `log`, kuma shi ake fara yi tun kafin a taɓa wani abu.

Mataki na biyu: warware d

Idan ka zana ACF na bayanan yadda suke, sandar tazara ta 1, wato alaƙar kowane wata da wanda ya gabace shi, tana kusan 0.95, na bayanta kuma suna saukowa sannu a hankali, su yi ɗan tudu a tazara ta 12, har tazara ta 24 ba su shiga cikin layi ba. Mai koyo ya ga haka sai ya ce q ta haura ashirin. A'a. Wannan saukowa mai nawa alama ce ta cewa matsakaicin bayanan bai tsaya wuri ɗaya ba, yana ta hawa. Abin da zanen yake nema shi ne ka ɗebe adadin kowane wata daga na watan da ya biyo shi, ka yi aiki da bambancin. Yin haka sau ɗaya shi ne d = 1.

Bayan wannan za ka tarar da dogayen sanduna a tazara ta 12, 24 da 36, su ma suna raguwa da nawa. Matsalar ɗaya ce, sai dai wannan karon ta shekara ce. Don haka sai a sake ɗaukar bambanci tsakanin kowane wata da takwaransa na bara.

```r
y <- log(AirPassengers)
z <- diff(diff(y), lag = 12)
acf(z, lag.max = 36)
pacf(z, lag.max = 36)
```

A nan ka tsaya. Wanda ya ga bambancin farko ya gyara zane yakan ɗauka na uku zai ƙara gyara shi, alhali ɓata shi zai yi. Ɗaukar bambanci fiye da kima yana ƙirƙiro alaƙar da babu ita a asali. Ka gwada da lambobin da ba su da wata alaƙa da juna, ka ɗauki bambancinsu, za ka ga sandar farko ta ACF ta nutse zuwa kusan −0.5. Saboda haka duk lokacin da na ga sandar farko ta kai −0.5 ko ta wuce, sai in koma baya da mataki ɗaya in sake dubawa. Wata hanyar ita ce ka kwatanta `sd()` kafin da bayan kowane bambanci: idan ya ƙaru maimakon ya ragu, da alama ka wuce gona da iri. Ni ba na yarda d ta wuce 2, kuma ko 2 ɗin ba kasafai ake bukatarta ba.

Mataki na uku: karanta siffa

Sai yanzu zanen yake da abin faɗi. Tambaya guda ce: wanne ne ya yanke farat ɗaya, wanne ne ya yi ta shuɗewa a hankali? Idan PACF ya yanke bayan wata tazara, ACF kuma yana shuɗewa, lambar wannan tazara ita ce p. Idan ACF ne ya yanke, PACF yana shuɗewa, to q ka samu.

Ga dalilin. A ce adadin yau ya dogara da na jiya kaɗai, da ƙarfin 0.7. Jiya ma ta dogara da shekaranjiya, don haka ACF zai nuna 0.7, sai 0.49, sai 0.34, yana ta raguwa. Shi kuwa PACF yana cire tasirin kwanakin da ke tsakani, sai ya nuna 0.7 a tazara ta 1, sauran duk kusa da sifili, domin shekaranjiya ba ta taɓa yau sai ta hannun jiya. Wannan shi ne p = 1.

Hattara da abu biyu a zanen R. Sandar farko ta `acf()` tazara ta 0 ce, kullum tana kan 1, kada ka ƙirga ta. `pacf()` kuwa daga tazara ta 1 yake farawa. Sannan a bayanan wata-wata, R yana rubuta tazara da ma'aunin shekara, wato 1.0 da ka gani a ƙasa shi ne wata 12.

A misalinmu wata 131 suka rage, don haka layin shuɗi yana kan 1.96/√131, kusan 0.17 sama da ƙasa. ACF ya ba da kusan −0.34 a tazara ta 1, da −0.39 a ta 12, a ta 24 kuma ya koma cikin layi. Yankewa ke nan har sau biyu: q = 1 na wata, da Q = 1 na shekara.

To, ina batun tazara ta 3, wadda ta kai kusan −0.20, da ta 9 da ta ɗan leƙa waje? Ka ƙyale su tukuna. An ja layin ne ta yadda ko babu wata alaƙa, kusan sanda ɗaya cikin ashirin za ta ƙetare shi bisa dace. Ka zana 36, ai ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Sandar da ta cancanci kulawa ita ce ta farko-farko, ko wadda ta faɗa kan tazara mai ma'ana kamar 12. Idan kuma zane biyun duk shuɗewa suke yi, babu mai yankewa, idonka ba zai iya raba p da q ba; fara da p = 1, q = 1.

Mataki na huɗu: gwada, ka duba ragowa

```r
m <- arima(y, order = c(0, 1, 1),
           seasonal = list(order = c(0, 1, 1), period = 12))
tsdiag(m)
```

Ka lura `y` aka ba shi, ba `z` ba, domin `arima()` da kansa yake ɗaukar bambancin. Za ka samu `ma1` kusan −0.40 da `sma1` kusan −0.56. A ACF na ragowar, ana so sandunan su zauna cikin layi, ɗigon gwajin Ljung-Box kuma su tsaya sama da 0.05. Tunda PACF ma ya nuna −0.34 a tazara ta 1, gwada `order = c(1, 1, 0)` ka kwatanta AIC, wato ma'aunin ingancin samfuri, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Wasu za su ce `auto.arima()` na kunshin `forecast`, mai zaɓen lambobin da kansa, ya isa, kuma yana rage wahala, amma ni sai na karanta zanen nake kiransa, don in gane idan ya kauce. Kada dai ka kwatanta AIC na samfura biyu da d ɗinsu ya bambanta, domin ba a kan jerin lambobi ɗaya aka lissafa su ba.