Robot ɗinka na mutuwa da zarar ya tashi? Duba batir da BMS

Ƙorafin da aka fi yi shi ne robot yana tafiya lafiya lau idan an ɗaga shi sama tayoyi na juyawa a iska, amma ana ajiye shi ƙasa ko ya ci karo da bango sai komai ya ɗauke ɗif, sai an jona caja ya farfaɗo. Mutane sai su ce BMS ɗin ne jabu, wato ƙaramin allon da ke gadin batirin lithiyum, mai yanke wuta idan an ja fiye da ƙima ko caji ya yi ƙasa sosai. Yawanci ba jabu ba ne, aikinsa ya yi, lissafin ne aka yi ba daidai ba tun wajen saye.

Mu ɗauki ƙaramin robot mai moto huɗu na 12V, da batirin lithiyum 18650 guda uku a jere, wato 3S, wanda idan ya cika yake ba da 12.6V. A ce kowane moto na jan 0.5A yana tafiya, sai mutum ya ce toh 2A ke nan, BMS na 10A ai ya yi yawa ma. Nan ne kuskuren. Moto lokacin da zai tashi daga tsaye ko lokacin da taya ta maƙale yana jan wuta ninkin ba ninkin, a ce 3A kowanne, kaga huɗu sun kai 12A a lokaci ɗaya. Da wannan lambar ake zaɓe ba da ta tafiya ba, kuma tana cikin takardar bayanan moton. A nan BMS na 20A ya kamata ka saya, ka sa fiyus na 15A dab da batirin saboda ranar da waya ta haɗe.

Sai dai ko ka canza allon matsalar na iya ci gaba, domin su kansu ƙwayoyin batirin ba za su iya ba. Waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin laftof an yi su ne don jan wuta a hankali, kuma tsufa na ƙara musu turjiya a ciki. Idan turjiyar ƙwaya ta kai 0.1Ω ka ja 12A, 1.2V ya zube nan take, ƙwayar da ke 3.7V ta faɗo 2.5V, BMS kuma ya ɗauka batir ya ƙare sai ya yanke alhali da caji a ciki. Gane wannan ba wuya, ka ɗora mita a kan kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya ka danne tayoyin na ɗan daƙiƙa, wacce ta fi zubewa ita ce mai jawo yankewar. Maganin ko dai ka haɗa uku uku gefe da gefe, 3S3P, kowacce ta ɗau 4A kawai, ko ka nemi masu jure jan wuta irin Samsung 25R mai 2500mAh da ke iya ba da 20A. Kafin ka haɗa su gefe da gefe ka tabbata cajinsu ya zo ɗaya. Waɗanda aka rubuta wa 9900mAh kuwa kar ma ka taya, 18650 na gaskiya bai cika wuce 3500mAh ba, nauyinsa wajen giram 45, jabun kana ɗauka za ka ji shi sakayau.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne wanda ya gaji da yankewar sai ya ɗauki wutar robot kai tsaye daga B-, inda batir ke shiga allon, maimakon P-, inda wuta ke fita bayan ta bi ta allon. Eh, ya daina yankewa, amma fa ka zagaye mai gadin gaba ɗaya, ƙwaya za ta sauka ƙasa da 2.5V ba mai tsayar da ita, kuma wacce ta sauka sosai haka idan aka sake cusa mata caji tana iya zafi har ta kama wuta. Kaya daga P- suke fita, shikenan.

Haka kuma BMS ba caja ba ne. 3S na son caja ta lithiyum mai 12.6V wadda ke rage wuta da kanta idan an kusa cika, adafta mai 12V ba za ta cika shi ba, ta laftof mai 19V kuma ganganci ne. Ka duba ma allon na wane irin batir ne, na 18650 irin waɗannan a 4.2V kowace ƙwaya yake tsayawa, LiFePO4 kuwa 3.65V ne iyakarsa, idan ka sa masa allon 4.2V zai wuce ƙa'ida allon na kallo. Sannan allunan masu arha da yawa ba sa daidaita ƙwayoyi, shi ya sa bayan caji ka riƙa aunawa, in ka ga ɗaya 4.2V ɗaya 3.9V to a caja mai 3.9V ɗin ita kaɗai ko a canza ta. Kuma a zafin bazara kar a yi caji cikin rana ko ana gama gudu, 45°C ne iyakar caji, a bar shi ya huce a inuwa tukuna.