Yadda ake lissafa fugasiti da aktibiti ba tare da an haɗa madogara biyu ba

Na daɗe ina duba takardun ɗaliban kemistiri da injiniyan sinadarai a nan Zariya, kuma na lura cewa yawancinsu ba a haddar ƙa'ida suke faɗuwa ba, domin kowa yana iya rubuta μ = μ° + RT ln(P/P°) ido a rufe. Inda ake yin tuntuɓe shi ne lokacin da gas ko cakudar ruwa ta ƙi bin halin da ƙa'idar ta ɗora mata. Dabarar da Gilbert N. Lewis ya kawo a 1901 da fugasiti, sannan a 1907 da aktibiti, ita ce a bar siffar ƙa'idar kemikal fotenshiyal μ yadda take, a sauya abin da ke cikin ln kawai, wato a sa fugasiti f = φP a gurbin matsi P, a sa aktibiti a = γx a gurbin kason mol x. Duk saɓanin da ke tsakanin abu na zahiri da na ƙa'ida ya tattaru ke nan a cikin φ da γ.

Mataki na farko shi ne ka rubuta madogararka a saman takarda kafin ka taɓa kalkuleta, wato yanayin da μ° yake wakilta. Ga gas, madogarar ita ce gas ɗin nan a matsin 1 bar idan da zai bi halin ƙa'ida sak, a zafin da ake aiki da shi. Ga cakudar ruwa kuwa akwai zaɓi biyu, kuma zan dawo kansu, domin a can ne matsalar take.

Mataki na biyu shi ne gyaran ɓangaren gas. Idan matsin bai yi yawa ba, ni ban ga dalilin wahalar da kai da dogayen ƙa'idoji ba, tun da ln φ = BP/RT ta wadatar, inda B yake lambar biriyal ta biyu da ake samu a tebur. A ɗauki iskar CO₂ a 300 K da matsin 10 bar, inda B yake kusan −122 cm³/mol. Sai a mayar da B zuwa −122 × 10⁻⁶ m³/mol, a mayar da matsin zuwa 10⁶ Pa, wanda ya ba da BP = −122 J/mol. RT kuma 2494 J/mol ne, saboda haka ln φ = −0.049, φ ya zama 0.95, fugasiti kuma ya zama kamar 9.5 bar. Ma'anar wannan ita ce ƙwayoyin iskar suna jan juna, shi ya sa ƙoƙarinsu na ficewa bai kai abin da agogon matsi ya nuna ba. Idan ka samu φ da ya faɗi ƙasa warwas, to ka bar cm³ ne ba ka juya shi zuwa m³ ba. Kada kuma ka ja wannan gajeriyar hanya zuwa 60 bar, domin a 300 K iskar CO₂ tana zama ruwa a kusan 67 bar, kuma tun kafin a kai can lamba ɗaya ta daina isa.

Mataki na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne γ na cakudar ruwa. A madogarar Raoult ana auna kowane sinadari da tsantsarsa a zafi ɗaya, saboda haka γ yana kusantar 1 idan x ya kusanci 1. A madogarar Henry kuwa ana auna narkakken abu da halinsa a lokacin da ya yi ƙaranci ƙwarai a cikin abin da ya narkar da shi, saboda haka γ yana kusantar 1 idan x ya kusanci sifili. Kemikal fotenshiyal ɗin cakudar ɗaya ne ko wacce aka zaɓa, amma μ° da γ suna sauyawa tare, kuma wanda ya ɗauko γ daga teburin da aka gina kan Raoult ya ninka shi da lambar Henry ya yi kamar mai auna hatsi da tiya ya biya kuɗin mudu. Ni kaina na taɓa ɓata mako guda a kan wannan kuskuren ina ɗalibi, ina ta zargin na'urar awo alhali laifin yana kan takardata. Ƙa'idata tun daga lokacin ita ce, idan sinadaran biyu duk ruwa ne da suke cakuɗuwa a kowane kaso, a yi amfani da Raoult ga dukkansu, a bar Henry ga gas da ya narke a ruwa ko abin da yake ɗan kaɗan.

Ga misali da itanol da ruwa. A ƙaramin matsi ana ɗaukar φ na tururi a matsayin 1, sai daidaiton fugasiti tsakanin tururi da ruwa ya zama yP = xγP*, inda y yake kason mol a tururi, P* kuma matsin tururin tsantsar sinadarin. A matsin 101.3 kPa wannan cakuda tana da aziyotirof a kusan 78.2 °C, wato matsayin da tururi da ruwan ƙasa suke da kaso ɗaya, shi ya sa tacewa ta hanyar tafasawa ba ta wuce itanol kashi 95.6 cikin ɗari na nauyi. Wannan adadi na nauyi ne, kuma dole a mayar da shi mol: 95.6/46.07 ya ba da 2.075, 4.4/18.02 ya ba da 0.244, saboda haka kason itanol 0.895 ne, na ruwa 0.105. Tun da x = y a nan, sai su soke juna, a rage γ = P/P*. A wannan zafi P* na itanol yana kusan 100.6 kPa, na ruwa kuma kusan 44 kPa, wanda ya ba da γ na itanol 1.01, na ruwa 2.3.

A tsaya a karanta waɗannan lambobi. Itanol shi ne mai rinjaye, kusan 'yan'uwansa ne kawai suke kewaye da shi, shi ya sa γ nasa ya manne da 1 kamar yadda madogarar Raoult ta tanada. Ruwa kuwa baƙo ne a cikin itanol, ya rasa yawancin maƙwabtansa, don haka yake neman fita fiye da ninki biyu na abin da kasonsa ya nuna. Aktibitinsa 0.105 × 2.3 = 0.24 ne, kuma wanda ya yi watsi da γ ya rage kemikal fotenshiyal ɗin ruwan da RT ln 2.3, wato kusan 2.4 kJ/mol a 351 K. Wannan ya ninka gyaran da muka yi wa CO₂ kusan sau ashirin, kuma shi ne dalilin da ya sa a matsin sararin sama nake yafe wa ɗalibi φ amma ba na yafe masa γ.

Idan kai ne kake yin awon a ɗakin gwaji, kada ka kwafi 101.3 daga littafi. Zariya tana kan tudu sama da mita 600 daga saman teku, matsin iska a nan yana kusan 94 kPa, kuma ruwa ma yana tafasa ne a wajen 98 °C. Karanta baromita a ranar, sannan ka nemo P* a zafin da ka auna da kanka.

Abin da ya rage bincike ne. Ka tabbata γ na kowane sinadari yana komawa 1 a gefen da madogararka ta faɗa. Ka kuma duba sharaɗin Gibbs–Duhem, x₁ d ln γ₁ + x₂ d ln γ₂ = 0, wanda yake nufin idan γ ɗaya yana hawa yayin da kaso yake sauyawa, ɗayan dole ya sauka. Idan jadawalinka ya nuna su biyun suna hawa tare, to ko samfurin tururin ya gurɓata da ɗigon ruwa, ko an karanta zafin kafin cakudar ta daidaita, kuma sai an sake awon.