Asarar bara tana rage harajin bana, amma ba yadda kuke lissafa ta ba

Na gaji da ganin masu kamfani a Kaduna suna shiru a shekarar da suka faɗi. Wai tunda ba riba, me za a kai wa hukumar haraji? To, Alhaji, asarar da ba ka shigar ba cikin wata shida bayan rufe shekararka, da wace takarda za ka kare ta in riba ta dawo? Tarar jinkiri ma tana jiranka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar asarar da akanta ya rubuta a littafi a ce ita ce asarar haraji. Ba ɗaya ba ne. A ce kamfanin abincin kaji ne a Kakuri, cinikinsa ya haura naira miliyan 100, harajinsa kashi 30 cikin ɗari. A 2022 littafi ya nuna asarar miliyan 40. Amma a ciki akwai miliyan 12 na tsufan injuna da miliyan 3 na tara, kuma doka ba ta karɓar ko ɗaya a matsayin kuɗin gudanar da sana'a. Asarar da za a tafi da ita gaba miliyan 25 ce kawai. Injunan suna da nasu alawus, wanda ake cirewa bayan asara; na ajiye shi gefe don lissafin ya fito sarari.

A 2023 aka ci ribar miliyan 15. Asarar ta cinye ta duka, saura miliyan 10. A 2024 riba ta kai miliyan 50, a cire 10, saura 40. Haraji miliyan 12 ke nan maimakon 15.

Wanda ya tafi da asarar littafi ta miliyan 40 fa? Zai cire 25 a 2024, ya biya miliyan 7.5, yana ganin ya yi wayo. Ranar da masu bincike suka zo sai a nemi cikon miliyan 4.5, ga tara ga kuɗin ruwa. Na zauna da wani yana ta rantsuwa cewa asararsa gaskiya ce. Gaskiya ce mana, har da kuɗin makarantar 'ya'yansa a ciki! Ni dai ba na barin shekara ta rufe sai na ware shafi guda: asarar da aka shigo da ita, wadda aka ci, da wadda ta rage, rasidai maƙale a baya.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Asara gaba take tafiya, ba ta komawa baya ta karɓo harajin da aka riga aka biya. Ta kamfanin abincin kaji ba ta rage ribar kamfaninka na sufuri, ko da duka naka ne. Masu tsoron tsohon wa'adin shekara huɗu na tafiya da asara gaba kuwa, tun 2007 aka ɗage wa yawancin kamfanoni shi.