Ku Gyara Rubutu Kafin Ku Horar da Whisper

'Yan uwa, ga shawara ga mai son ƙara wa Whisper, manhajar da ke mayar da magana rubutu, horo ya iya rubuta Tyap ko Jju da sautin awa huɗu ko biyar. Kafin ka kunna na'ura, daidaita rubutun abin da aka faɗa a sautinka.

Na ɗanɗana kuɗata a bara. Mutum uku suka rubuta mana hirarrakin da muka naɗo a Kudancin Kaduna, kowa da salonsa: wani yana sa alamar karin sauti, wani ba ya sawa, wani ya rubuta 20 da lamba, wani da kalmomi. Da sauti kaɗan haka, manhajar ba ta da isassun misalan da za ta gane cewa kalma ɗaya ce, sai ta riƙa cakuɗa salon. Muka zauna mako guda muka tsayar da ƙa'ida ɗaya, sannan abin ya miƙe.

Sai rabon sautin. Mai magana da ke cikin kason horo kada muryarsa ta shiga kason gwaji, in ba haka ba WER, wato ma'aunin yawan kalmomin da manhajar ta kuskure, zai yi maka kyau na ƙarya, don manhajar ta riga ta haddace muryar. Ni ina ware mutum biyu gaba ɗaya, mace da namiji.

Yanka sauti kada ya wuce daƙiƙa 30, a 16 kHz. Fara da whisper-small, ƙaramin samfurin Whisper, ka sa girman matakin koyo ya zama `learning_rate=1e-5`. Idan kuskuren horo yana sauka amma na gwaji ya fara hawa, tsaya nan, ka koma kwafin manhajar da aka adana kafin nan.