Darasi na Tara: Hoton nan ya ƙi buɗewa, sai a ce a sake turowa

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa gamuwa da wannan, kana neman wani hoto ko wata takarda da aka turo maka tun watannin baya a WhatsApp, ka yi ta jan hira sama sama har ka gano wurin, ga hoton nan kana ganinsa dishi-dishi, ka danna, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa sai kuma wani rubutun turanci ya fito. Galibi za ku ga an rubuta "Download failed" a sama, a ƙasa kuma bayani ne cewa abin babu shi yanzu, a roƙi wanda ya turo ya sake turowa. Mutane da yawa sai su ɗauka data ce ta ƙare ko sabis ne babu, su je su sake sayen data, wasu har wajen mai gyaran waya suke kaiwa a caje su kuɗi a banza, alhali wayar lafiyarta ƙalau.

Toh bari mu fara da wancan hoto mai dishi-dishi, don shi ne yake yaudarar mutane. Ba shi ne hoton ba. Ɗan ƙaramin samfuri ne da yake zuwa tare da saƙon don ka san me aka turo, ba shi da nauyi shi ya sa ko sabis ba ƙarfi yana shigowa. Ainihin hoton, in wayar ba ta sauke shi da kanta ba, sai ka danna kibiyar nan mai kallon ƙasa sannan yake sauka cikin wayarka. Kafin ka danna, yana ajiye ne a na'urorin kamfanin, su kuma ba ajiyar dindindin suke yi ba, kamar kayan da aka ba direba a tasha ne ya kai wa wani, zai riƙe maka na ɗan lokaci amma ba zai shekara yana jiranka ba. Kamfanin da kansa ya faɗa cewa saƙon da bai isa wayar mutum ba suna riƙe shi har kwana 30, in bai shiga ba su goge. Hotuna da bidiyo da takardu su ma na ɗan lokaci ne ake riƙe su. Saboda haka hoton da aka turo maka bara ba ka sauke ba, in ka danna yau, wayarka za ta je nema ta tarar babu, shi ne take ce maka ka koma wurin mai shi.

Akwai kuma wanda zai rantse ya ce wallahi na sauke shi, na ma buɗe na gani da idona. Gaskiya ne ya sauke, amma daga baya an goge shi daga cikin wayar. Wannan ya fi yawa a wurinmu saboda ƙananan wayoyi memori ba ya isa, kullum tana kukan ta cika, sai mutum ya shiga galari ya yi ta gogewa, ko ya ba yaro ya ce rage min kaya, ko ya danna irin manhajar nan ta share datti da take zuwa da wayoyi da yawa, wani lokacin takan nuna hotunan WhatsApp cikin abin da za a iya sharewa, mutum bai karanta ba ya danna kawai. Abin da ba a sani ba shi ne a wayoyin Android hoton da ke galari da wanda ke cikin hira abu ɗaya ne, ba biyu ba. In ka goge na galari, na cikin hirar ya tafi, saura ɗan samfurin nan. In gogewar ba ta daɗe ba wani sa'in yakan sake sauka in ka danna, in ta daɗe kuwa sai dai haƙuri. Haka in an cire katin memori ko ya lalace, duk abin da ke kansa zai nuna babu.

Sai canjin waya. Mutum ya sayi sabuwa, ya sa layinsa, hirarraki suka dawo ya yi murna, amma bidiyoyi duk sun ƙi buɗewa. Dalili shi ne ajiyar da WhatsApp yake yi a Google Drive ba ta haɗawa da bidiyo sai in ka kunna wurin da aka rubuta "Include videos" da kanka, a cikin Settings, sai Chats, sai Chat backup. Wanda kuma bai taɓa yin wannan ajiyar ba, aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, to ko hirar ma ba zai gani ba.

Akwai waɗanda dama an yi su ne don su ɓace, su ba matsala ba ce. Hoton da aka turo da alamar lamba 1 a cikin da'ira, wato "View once", sau ɗaya ake buɗe shi, kana rufewa zai koma "Opened" shikenan, in kuma ka bar shi kwana 14 ba ka buɗe ba ya mutu da kansa. Haka in an kunna "Disappearing messages" a hira ko a guruf, saƙonni suna gogewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, gwargwadon yadda aka saita. In kuma kuka ga "This message was deleted" to mai turowar ne ya janye abinsa.

Kafin ku dami kowa da roƙo, ku fara tabbatarwa ba daga wajenku ba ne, abu ne na minti biyu. Ku gwada sauke wani hoto sabo da aka turo yau ko jiya. In shi ma ya ƙi, to ba tsufa ba ne, ku duba data, ku duba ko wayar ta cika maƙil, ku duba kwanan wata da agogon wayar don in suka karkace saukewa takan ƙi. In sabon ya sauka lafiya tsohon ne kawai ya ƙi, toh an gano, babu abin da mai gyara zai iya yi, sai wanda ya turo.

Ga misali mu bi shi daki-daki. Wata uwa ce za ta sa ɗanta a makarantar sakandare, aka ce ta kawo takardar haihuwa. Takardar tana can gida wurin yayanta a wani gari, ta tuna ya taɓa ɗaukar hoton takardar ya turo mata wajen azumin bara. Ta nemo saƙon, ta danna, ya ƙi. Ta gwada wani hoton biki da aka turo da safe ya sauka, kun ga ta san inda matsalar take. Sai ta duba galari ko yana can, ta duba ko ta taɓa tura wa wani, misali mijinta, don in ya sauke yana nan a wayarsa ba sai an je nesa ba. Babu. Yanzu sai roƙo.

A nan ne mutane suke ɓata wa kansu lokaci. Sai a rubuta "sake turo min abin nan" kawai, wane abu? Mutumin da ya turo maka abu ɗari tun bara ina zai sani. Abin da ya fi shi ne ki danne tsohon saƙon da yatsa har ya yi alama, ki taɓa kibiyar amsa, ko ki ja saƙon zuwa dama, sai ya maƙale a saman abin da za ki rubuta, shi kuma in ya taɓa shi zai kai shi daidai wurin a tasa wayar. Sannan a yi sallama a faɗi ko mene ne, a faɗi lokacin da aka turo, a faɗi ranar da ake buƙata. Ga yadda ta rubuta:

"Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya iyali. Don Allah takardar haihuwar yaron nan da ka turo min wajen azumin bara ta ƙi buɗewa a wayata, an ce sai an sake turowa. Makaranta ke nema ranar Litinin. In tana nan ka taimaka ka sake turo min. Na gode Allah ya bar zumunci."

Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya danna makirfo ya faɗi wannan da baki, ba laifi, amma dai a maƙala tsohon saƙon.

Yayan ya duba, sai ya ce ai shi ma nasa ya ƙi buɗewa, ya canza waya bayan sallah. Wannan yana faruwa sosai, kuma a nan in ya ce zai yi fowadin ɗin tsohon saƙon ba zai yiwu ba, don ba a tura abin da babu shi a waya. Wani kuma sai ya ɗauki sikirinshot na mai dishi-dishin ya turo, wannan aikin banza ne ba wanda zai iya karanta sunan da ke jiki. Mafita ita ce ya ɗauko takardar ta asali, ya shimfiɗa ta a wuri mai haske, ya ɗauki sabon hoto kusurwa huɗu duk su fito. Kuma ta roƙe shi ya turo ta hanyar "Document", wato ya taɓa alamar maƙala takarda da ke gefen wurin rubutu ya zaɓi Document maimakon Gallery. Dalili, hoton da aka turo ta hanyar da aka saba ana matse shi don ya rage nauyi, ƙananan rubutu da hatimi sukan dushe, in aka je bugawa a shagon kwamfuta sai ya fito ba kyau. Ta Document kuwa yadda aka ɗauka haka zai iso.

In a guruf aka turo abin, kamar jadawalin biyan adashi ko sanarwar makarantar yara, ba lallai sai wanda ya fara turowa ba, duk ɗan guruf ɗin da ya sauke kuma bai goge ba zai iya turo maka. Ni dai a ganina gara ka bi mutum ɗaya ta gefe ka tambaye shi, da ka jefa tambaya cikin mutum ɗari biyu kowa ya ɗauka wani zai amsa.

Wani lokacin ba hoto aka turo ba, shuɗin rubutu ne da ake dannawa ya kai ka wani shafi. In na Google Drive ne kuka ga "You need access", takardar tana nan ba ta mutu ba, izini ne ba a ba ku ba, sai ku danna "Request access" kuma ku gaya wa mai ita ya buɗe muku, ku faɗa masa adireshin imel ɗin da ke kan wayarku. Wasu shafukan tura kaya kuma 'yan kwanaki kawai suke riƙewa, in ya wuce sai mai shi ya sake ɗorawa ya ba da sabo. Amma ku kula, in baƙuwar lamba ta turo cewa takardarku ta ƙare ku danna nan ku sa lambar sirri ko lambar da aka turo muku ta tes, kar ku sa, sake turo hoto ba ya buƙatar lambar kowa.

Da takardar ta iso, matar nan ta sauke ta nan take ta buɗe ta tabbatar rubutun yana karantuwa, ta tura kwafi ɗaya imel ɗinta, ta je shago aka buga mata biyu a takarda. Ku lura, sa wa saƙo tauraro yana taimakawa wajen gano shi da sauri amma ba ya hana hoton ɓacewa in an goge shi daga waya.

Aikin aji: kowa ya buɗe wayarsa ya nemo tsohon hoto ɗaya da ya ƙi buɗewa. Ku kwafi rubutun turancin da ya fito a littafinku harafi da harafi, ku gwada sabon hoto ku gani ko ya sauka, sannan ku rubuta saƙon roƙo na layi uku zuwa ga wanda ya turo, da gaisuwar da ta dace da shi, da sunan abin, da lokacin da ya turo. A darasi na gaba kowa zai karanta nasa a gaban aji.