Babi na 5: Raba kwana huɗu don rabin gudun fanfalaki

Darasi na 1: Takardar mako

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita ɗari, kusan. Wannan babi na wanda ya riga ya iya yin kilomita 5 ba tsayawa ne, kuma yana da mako 12 kafin ranar tsere.

Ku ɗauki takarda, ku rubuta ranakun mako daga sama zuwa ƙasa, kowace rana da layinta. Ku zagaye huɗun da kuke da sarari. Ranar da ta fi sarari ita ce ta dogon gudu, ita ake fara zaɓa. Ga na wani ɗalibina a makonsa na farko: Talata kilomita 5 mai ɗan zafi, Alhamis kilomita 5 na sassarfa, Asabar kilomita 3 na sassarfa, Lahadi kilomita 8, dogon gudu. Litinin, Laraba da Juma'a hutu. Ku lura, hutu na bin bayan Talata, yana kuma bin bayan Lahadi, domin su ne ranaku masu nauyi. A kwana bakwai dole biyu cikin huɗun su manne da juna, shi ya sa Asabar ta zama gajera.

Darasi na 2: Sassarfa

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu tafi a sannu. Cikin kwana huɗun nan, uku na sassarfa ne: Alhamis, Asabar, har da Lahadi. I, har da dogon gudun. Tsawonsa ne ke ƙaruwa, ba saurinsa ba.

Yaya za ku gane sassarfa kuke yi? Da baki. Kuna cikin gudu, ku faɗa a fili: “Yau Alhamis, zan yi kilomita biyar in koma gida.” In maganar ta fita gaba ɗaya, kuna daidai. In ta tsinke a tsakiya, sai da kuka ja numfashi bayan “yau Alhamis”, kun yi sauri. Ku rage. Bayan minti biyar ku sake faɗa. In ta sake tsinkewa, ku koma tafiya ta minti ɗaya, sannan ku ci gaba. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Dalili shi ne, zuciya da huhu suna sabawa da gudu da wuri, amma ƙashi da jijiyoyin ƙafa suna ɗaukar lokaci. Numfashi zai ce muku “ƙara”, alhali ƙwauri bai shirya ba.

Ɗalibin nan nawa ya ce kwana huɗu sun yi kaɗan, gara ya matse kowanne. Duk wanda ya wuce shi a hanya sai ya bi shi. A mako na uku ya tsaya a kilomita 6 cikin 10, ya dafa gwiwa yana haki. A na huɗu ƙwaurinsa na ciwo ko da ya danna da yatsa, sai da ya huta kwana goma.

Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma har yanzu ina ganin masu dawowa ranar Alhamis ba sa iya amsa gaisuwa. Haba, jama'a! Wa ke bin ku? Alhamis sassarfa. Asabar sassarfa. Lahadi sassarfa. Ku rubuta kalmar a gefen ranakun uku yanzu, kafin ku juya shafi.

Darasi na 3: Dogon gudu

Ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, a ja da baya duk mako na huɗu don jiki ya murmure. Daga mako na 1 zuwa na 11, kilomitocin Lahadi su ne 8, 9, 10, 8, 11, 12, 13, 10, 14, 16, 10. Mako na 12 tsere. Ba sai kun yi 21 kafin ranar ba, 16 ya wadatar. In gudun zai wuce awa ɗaya, ku tafi da ruwa. Kuma ku riƙa gwada maganar nan a hanya.

Darasi na 4: Talata

Sassarfa minti 10, sai gudu mai ɗan zafi minti 3 da tafiya minti 2, sau huɗu, sannan ku ƙarasa da sassarfa. Mai ɗan zafi shi ne wanda kalma biyu ko uku kawai ke fita.

Darasi na 5: In rana ta kuɓuce

Ta tafi, kada ku ɗora ta kan wata. In kwana uku kawai kuka samu, ku cire Asabar. Ciwon da ya sa ku ɗingishi kuwa, ku daina gudu, ku ga likita.