Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Ma'aji ga Mambobi

Ma'ajin ƙungiyoyi sun yawaita tambayata, to ga matakan.

1. Tattaro rasitan watan duka.
2. Fara da ragowar watan jiya, misali N12,000.
3. Rubuta abin da ya shigo: mutum 38 cikin 40 sun biya N1,000, wato N38,000.
4. Jera kashe-kashen: gudummawar rasuwa N20,000, hayar kujeru N6,500, cajin banki N300.

Hattara: kada ka rubuta "da sauransu". Nan rigima take farawa.

5. Cire jimlar kashe-kashen, N26,800, daga jimlar ragowar watan jiya da abin da ya shigo, N50,000, saura N23,200.
6. Gwada wannan da kuɗin banki da na hannunka. In bai yi daidai ba, akwai rasitin da ya ɓace, nemo shi tukuna.
7. Kai wa shugaba ya sa hannu.